Jar ƙasa, alli da ƙaro: yadda ake shirya darasin zane ba tare da an sayi fenti ba

A jadawalin makarantun firamare da yawa akwai lokacin da aka ware wa zane da aikin hannu, amma idan lokacin ya zo sai ka tarar malam ya zana mangwaro a allo, yara suna kwafa da fensir a bayan littafin lissafi. Idan ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce, babu kayan aiki. Gaskiya ne kuwa, kwalin fenti da burushi na yara sittin ba abu ba ne da malamin firamare zai cire daga albashinsa. Sai dai fenti ba wani abu ba ne illa gari mai launi da aka kwaɓa da abin da zai liƙa shi a jikin takarda, kuma duk almajirin da ya taɓa haɗa tawada da gawayi da ƙaro ya riga ya san wannan sana'a. Abin da ya rage shi ne tsari, wato sanin abin da fentin gida zai iya koyarwa, da abin da ba zai iya ba, sannan a gina darasin a kan haka.

Nan ne malamai masu himma suka fi yin tuntuɓe. Littafin koyarwa yana cewa ja da shuɗi suna ba da shunayya, rawaya da shuɗi suna ba da kore, sai malam ya ce bari ya nuna wa yara haka da kayan gida. Ya kawo jar ƙasa, ya kawo bular wanki, ya gauraya a gaban aji, abin da zai fito kuwa wani taɓo ne mai duhu da ba shi da suna. Laifin ba na malam ba ne. Jar ƙasa ba ja ce zalla ba, akwai ruwan ƙasa da rawaya a cikinta, saboda haka ba za ta taɓa ba da shunayya mai kyau ba. Darasin gauraya launuka yana son fentin kanti. Amma akwai darasin da ƙasa ta fi fentin kanti dacewa da shi, shi ne na duhu da haske: yadda launi ɗaya yake tashi daga mai duhu zuwa mai haske idan ana ƙara masa fari ko baƙi, da yadda ake jera waɗannan matakai su zama ado. Wannan shi ne darasin da zan bi daki-daki, ga 'yan aji huɗu su sittin, a cikin minti 70, wato darasi biyu a haɗe.

Mai narkewa da mai kwanciya

Kafin a taɓa turmi, yana da kyau malam ya raba kayan launi gida biyu a ransa, domin halinsu ba ɗaya ba ne. Akwai masu narkewa a ruwa, irin su zoɓo da karan dafi da ruwan ganye. Waɗannan rini ne, suna shiga cikin takarda su rina ta, ana kuma hango takardar ta cikinsu. Akwai kuma waɗanda ba sa narkewa ko da sun kwana a ruwa, sai dai su kwanta a ƙasan kwano, irin su jar ƙasa da alli da gawayi. Su waɗannan a saman takarda suke zama, suna rufe abin da ke ƙarƙashinsu, kuma idan ba a sa musu abin liƙi ba, suna bushewa za su kakkaɓe.

Wannan bambanci shi ke yanke hukuncin abin da za a yi zane a kansa. Abin da ya fi samuwa a kyauta shi ne kwali, irin na taliya da sabulu da masu kanti ke jibgewa, kuma kwali launin ƙasa gare shi. Ka shafa masa zoɓo, zai sha, ya bar wani tabo da sai an ƙura ido ake gani. Ka shafa masa alli ko jar ƙasa, nan take zai fito raɗau. Don haka wanda kwali ne a hannunsa, ƙasa da alli da gawayi ne kayansa. Zoɓo sai an sami farar takarda. Ko a farar takardar ma yana da wata ɗabi'a da ke rikita wanda bai sani ba: launinsa yana bin tsami da kanwa. Ɗigon lemon tsami yana ƙara masa ja, ɗigon ruwan kanwa kuwa yana juya shi zuwa shuɗi-shuɗi ko kore mai duhu. Takardu da yawa akwai sinadarin alli a jikinsu, shi ya sa za ka shafa zoɓo jawur, kafin ya bushe ya koma shunayya mai toka-toka. Gangamau ma haka yake, rawaya ne, amma da ya haɗu da kanwa ko sabulu sai ya koma ja mai duhu. Wannan abin sha'awa ne ƙwarai ga yara, ya kuma cancanci darasi nasa na daban, amma kada a cusa shi cikin na yau. Ga shi kuma dukansu biyu rana tana cinye su, zanen da aka manna kusa da taga ba ya daɗewa yake dusashewa. Ruwan ganye ya fi su saurin ba da kunya, yau kore ne, jibi ya zama ruwan ƙasa. Ƙasa da gawayi kuwa ba ruwansu da rana.

Wani zai ce ina baba, tunda da shi aka san marinar Ƙofar Mata a Kano? Baba ba ya ba da launinsa sai an tsima shi da toka na kwanaki a cikin karofi, sannan shuɗin ya fito idan iska ta bugi zanen da aka tsamo. Aikin marina ne, ba na aji ba. Mai son shuɗi ya nemi bula, amma ya nisanta ta da lemon tsami da tsamiya, don tsami yana kashe launinta.

Aikin kwana biyu kafin darasi

Jar ƙasa ita ce ta fi cin lokaci, don haka da ita ake farawa. A nemi jangargari, irin wadda ake gani a bakin kududdufin da aka haƙi ƙasar gini ko inda hanya ta yanka tudu. A ɗebi kamar rabin bokiti. Idan aka tankaɗe ta kawai aka kwaɓa, fentin zai yi tsakuwa-tsakuwa, burushi ya riƙa ƙara a kan kwali, launin kuma ya ƙi shimfiɗuwa. Hanyar da ta fi ita ce a bar ruwa ya yi tankaɗen. A zuba ƙasar a bokiti, a cika da ruwa, a dama sosai da sanda har kowane ƙulli ya fashe. A dakata kamar rabin minti zuwa minti ɗaya. A cikin wannan ɗan lokaci yashi da tsakuwa, da yake sun fi nauyi, za su riga sauka. Sai a tsiyaye jan ruwan da ke sama a wani bokiti a hankali, a zubar da yashin. Wannan jan ruwa a bar shi ya kwana ba a motsa shi ba. Da safe za a tarar ruwa ya yi garau a sama, laka mai santsi ta kwanta a ƙasa. Duk macen da ta taɓa tace gasara ta san wannan aiki, hanyar ɗaya ce. A tsiyaye ruwan, a murza lakar tsakanin yatsu biyu. Idan an ji yashi, an yi gaggawar tsiyayewa, sai a sake; idan ta yi sulɓi, ta yi.

Fari kuwa guntayen allin da ke zube a gindin allo sun wadatar, in an fara tara su da wuri. A jiƙa su tukuna sannan a daka, don kada ƙura ta tashi. Farar ƙasa ta asali, wadda ake haƙowa, ita ma tana yi, a bi da ita yadda aka bi da ja. Amma a yi hattara da farin garin da ake sayarwa a buhu don shafen bango, wanda mutane kan kira da wannan suna. Wani irinsa yana cin fata, idan ya faɗa ido kuma abin ba daɗi. In ba a tabbatar da ko wane iri ba ne, a tsaya ga alli.

Baƙi shi ne mafi taurin kai. A zaɓi gawayi mara nauyi, mai saurin murmushewa, a daka shi da ɗan danshi, a tace ta tsumma mai laushi. Matsalarsa ita ce ba ya son ruwa, idan aka zuba garin a kofi sai ya yi ta yawo a sama. Maganin abin shi ne kada a zuba gari cikin ruwa, a riƙa ɗiga ruwan ƙaro a kan garin ana murzawa da bayan cokali har ya zama kwaɓi, sannan a sassauta. Ɗigo ɗaya na ruwan sabulu ma yana karya masa wannan gardama. Baƙin gindin tukunyar da ake girki da itace ya fi gawayi laushi, kuma ya fi shi baƙi, sai dai tara shi da yawa aiki ne.

Akwai abubuwa uku da ba a kusantar da su ga yara, ko da launinsu ya fi kyau. Na farko baƙin cikin batirin tocila, wanda wasu ke fasawa su shafe allo da shi. Na biyu kwalli, domin irin na dutse akwai dalma a cikinsa. Na uku ƙasar da aka ɗebo daga inda ake haƙar ma'adinai ko niƙa dutsen zinariya. Ba a manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga irin wannan dutse ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro yana zane yana sa yatsa a baki, wannan ba abin da malam zai iya hanawa ba ne a aji mai mutum sittin, saboda haka tun daga wurin ɗibar ƙasa ake yin rigakafi. Haka nan a guji ƙasar bola da ta bakin kwata.

Saura abin liƙi. Ƙaro ya fi komai, kuma shi ɗin dai ne ke cikin fentin ruwa na kanti. Ana samun sa wajen masu kayan koli da masu sayar da kayan tawada. Awonsa gwangwanin madara ɗaya na ƙaro, a farfasa shi, a zuba masa gwangwani biyu na ruwan ɗumi, a rufe ya kwana. Da safe a motsa, a tace ɓawo da ƙasa ta tsumma. Zai ba da kusan gwangwani biyu da rabi na ruwa mai yauƙi. Inda babu ƙaro ana iya dama sitacin rogo ko fulawa ya yi ruwa-ruwa, amma shi yana dusar da launi kaɗan, kuma kwana biyu ya isa ya yi tsami. Ko ruwan ƙaron ma yana yin fumfuna a lokacin damina, don haka ba a haɗa na wata guda. 'Yan ƙwayoyin kanumfari a ciki suna ɗan ja masa kwana.

Gwajin yatsa

Ana fara haɗi da cokali biyu na laka, cokali ɗaya na ruwan ƙaro. Na ce ana farawa, domin ƙasar Zariya ba ta Sakkwato ba ce, ƙaro ma wani ya fi wani ƙarfi. Abin da zai faɗa wa malam gaskiya shi ne gwaji. Ya ja layi a kan irin kwalin da yara za su yi aiki da shi, ya bari ya bushe sarai, sannan ya goga yatsa. Idan yatsa ya ɗebo gari, ƙaro ya yi kaɗan. Idan layin yana ƙyalli, ko ya tsattsage, ko yana ɗanko, ƙaro ya yi yawa, sai a ƙara laka. Idan ana hango kwali ta cikin launin, ruwa ne ya yi yawa. Wanda ya yi daidai ba ya ƙyalli, ba ya bin yatsa, kuma idan aka ɗan lanƙwasa kwalin ba ya ɓarewa. Gawayi yakan nemi ƙaro fiye da ƙasa, jar ƙasa mai yumɓu sosai kuwa takan nemi ƙasa da haka, tunda ita kanta tana da ɗanko.

A wurin wannan gwaji ne malam zai ga wani abu da lalle ne ya gaya wa yara tun farko. Alli idan yana jiƙe kusan ba a ganin farinsa, sai ya bushe yake bayyana. Yaron da bai san haka ba zai ga haɗinsa bai yi haske ba, ya yi ta ƙara fari har ya ƙarar da na rukuninsu, bayan minti biyar kuma duk aikinsa ya koma fari fat. Jimla ɗaya ta isa ta hana wannan ɓarna: kada ku yanke wa launi hukunci sai ya bushe.

Yanzu lissafi. Yara sittin, rukuni goma, kowane rukuni mutum shida. Kowane rukuni zai sami cokali uku na ja, cokali uku na fari, cokali ɗaya na baƙi, da babban cokalin cin abinci. Gwangwanin madara yana cin kusan cokali goma, ke nan ajin gaba ɗaya yana buƙatar gwangwani uku na ja, uku na fari, ɗaya na baƙi. Kashi ɗaya cikin uku na wannan gwangwani bakwai ruwan ƙaro ne, wato gwangwani biyu da ɗan ɗori, daidai da abin da gwangwani ɗaya na ɗanyen ƙaro ya bayar. Shi kaɗai ne abin da za a kashe wa kuɗi.

Mazubi kuwa gindin robar ruwa ne da aka yanke, tsawon yatsa. Ya fi gwangwani, don bakin gwangwani yana yanka, kuma ta jikin roba ana ganin launi. Kowane rukuni na son guda shida, uku masu fenti, uku babu komai don haɗi, ga kuma babban gwangwani ko kofi na ruwan wanke burushi, da tsumma ɗaya. Marafan robobin kada a yar, su ne ma'auni. Burushi aswaki ne, a yanka tsawon fensir, a jiƙa bakinsa, a daddaka da dutse har ya baje, a daidaita shi da almakashi. Kada a ce yara su tauna nasu, domin a aji burushi yawo yake daga hannu zuwa hannu. A yi saba'in maimakon sittin, wasu za su zube. Yankan roba da kwali aikin malam ne da manyan ɗalibai kafin ranar, reza ba ta shiga ajin 'yan shekara tara. Abin da za a roƙi yara su kawo shi ne roba da kwali da tsohuwar riga da za su ɗora a kan kayan makaranta, kuma a faɗa musu tun mako guda kafin nan. Jar ƙasa tana kama farin yadi, uwar da ta sha wanki kuwa ba za ta yi wa darasin zane fatan alheri ba. A lura da kwali mai sheƙi da bayan kalanda mai santsi, fentin ƙaro ba ya zama a kansu, tattaruwa yake yi ɗigo-ɗigo. Kowane yaro a yanka masa guda biyu, siriri mai faɗin yatsa uku, da babba kamar girman littafin rubutu.

Minti saba'in

A takardar shirin darasi, manufar ta zama abin da ido zai iya gani. "Yara su san launi" ba manufa ba ce, domin babu yadda za a yi a gane ko sun sani. A rubuta cewa a ƙarshen darasi kowane yaro zai jera matakai biyar daga duhu zuwa haske, ya kuma yi ado mai maimaituwa da aƙalla uku daga cikinsu. Da wannan, ko shugaban makaranta ya leƙo zai iya duba kwalin yaro ya ce an cim ma ko ba a cim ma ba.

Minti goma na farko na kallo ne, kuma fenti bai fito ba tukuna. Wannan sharaɗi ne babba, don da zarar roba ta sauka a gaban yaro, kunnensa ya rufe. Malam ya shigo da abin da yara suka sani, faifai ko tabarma ko hula ko ƙwarya mai zane, ya tambaye su ina ne ya fi duhu, ina ne ya fi haske, wane yanki ne yake dawowa. Inda ake da gidaje masu zanen bango, kamar cikin birnin Zariya da Kano ko unguwar Birni a Damagaram, ya tuna musu da su. Wanda ya taɓa ganin allon zayyana na saukar Alƙur'ani ma ya ga yadda ake cika fili da launuka kaɗan. Zaɓen ado maimakon hoton mutum ko dabba yana da wata fa'ida, yana kauce wa damuwar iyayen da ba sa son a zana mai rai, kuma yaron da yake ganin bai iya zane ba ba ya jin tsoron layi da ɗigo. Daga nan malam ya yi haɗi ɗaya a gabansu, ya ɗaga gwajin da ya yi jiya wanda ya bushe, su ga bambancin jiƙaƙƙe da busasshe da idonsu.

Minti goma sha biyu na gaba na haɗi ne. Mutum ɗaya daga kowane rukuni ya zo ya karɓi kaya, sauran suna zaune. A roba ta farko, marfi biyu na ja da ɗan baƙi a bakin burushi. A ta biyu, marfi biyu na ja da ɗaya na fari. A ta uku, marfi ɗaya na ja da biyu na fari. Idan aka haɗa da ja zalla da fari zalla, matakai biyar sun cika. A rubuta awon a allo da manyan lambobi, kuma a raba aikin, wannan ya auna, wancan ya dama, wani ya gwada a gefen kwali, don kada mai ƙarfin rukuni ya mamaye komai. Baƙi ne ke ɓata wannan mataki. Ƙarfinsa ya ninka na fari nesa ba kusa ba, rabin marfi ya isa ya haɗiye jan gaba ɗaya. Shi ya sa ake ba da shi kaɗan, kuma ƙa'idar ita ce a kai duhu cikin haske kaɗan-kaɗan, ba a juye haske cikin duhu ba. A ganina ma, a ajin da bai taɓa riƙe fenti ba, gara malam ya riƙe baƙin a hannunsa ya bi rukuni-rukuni yana ɗiga musu.

Sai minti takwas na tsani. Kowane yaro ya raba siririn kwalinsa gida biyar ya cika su bi da bi. A fara daga fari a gangara zuwa duhu, domin burushin da ya sha baƙi ba ya komawa fari komai wanki, amma wanda ya sha fari ba ya cutar da ja. A nan malam yake zagayawa yana duba abu ɗaya tak: shin ana rarrabe kowane gida da maƙwabcinsa? Dabarar dubawa ita ce a kanne ido a kalli tsanin daga nesa kaɗan. Gidaje biyun da suka narke suka zama ɗaya, awonsu ne bai yi nisa da juna ba, kuma galibi na biyu da na uku ne. Idan duka biyar ɗin sun yi toka-toka, ruwan wanke burushi ne ya ƙazantu, a canza shi.

Minti ashirin na ado su ne zuciyar darasin, kuma su ne malam ya kamata ya fi yin shiru a cikinsu. Sharaɗi biyu kawai zai ba da, a yi amfani da matakai uku ko fiye, kuma abin da aka fara ya maimaitu har ƙarshen layi. Ban da burushi, ana iya dangwala abubuwa a buga kamar hatimi. Marfin kwalba yana ba da zobe, totuwar masara idan aka mirgina ta tana ba da zane kamar saƙa, guntun kara yana ba da ɗigo, kan kuɓewa da ake yarwa wajen yanka yana ba da fure. Wanda ya tsoma hatimi cikin fenti kai tsaye zai sami dunƙulen taɓo, don haka a shafa fentin a jikin hatimin da burushi, ko a jiƙa tsumma da fenti a riƙa dangwalawa a kai. Ganye da itatuwa masu farin ruwa, irin su tumfafiya da tinya, ba sa cikin kayan bugawa, ruwansu yana cutar da ido. Za a sami yaron da zai gama cikin minti biyar, a ce ya zagaye aikinsa da iyaka ta wani mataki daban. Za a sami wanda zai zuba ruwa har kwalinsa ya jiƙe ya fara saɓulewa, shi ya sa ake ajiye 'yan kwalaye na ƙari. Kuma za a sami masu kwafar na malam layi-layi, maganinsu shi ne a kife samfurin da zarar an fara aiki.

Minti goma na kintsawa ba a cin su, ko da ado bai ƙare ba. A fitar da ayyukan a jera a inuwar baranda, a danne kusurwa da dutse. Da hunturu kafin a gama wanke hannu sun bushe, da damina kuwa sai a bar su har tashi. Rana tsaka tana sa kwali ya kanannaɗe. A wanke aswaki a shanya, a wanke hannu da sabulu. Ragowar fentin da ke cikin roba kada a zubar, a bar shi ya bushe a buɗe. Ƙaro yana sake narkewa, saboda haka mako mai zuwa ɗigon ruwa da ɗan murzawa za su tashe shi, kuma busasshe ba ya fumfuna. Wanda aka haɗa da sitaci ne ba ya dawowa, shi sai zubarwa.

Minti goma na ƙarshe a tsaya a kan ayyukan. Tambayar wane ne ya fi kyau ba ta koyar da komai, sai dai ta sa yara hamsin da tara su tafi gida da sanyin gwiwa. A tambayi abin da aka koyar. A wane aiki ne ake hango adon tun daga bakin ƙofa, kuma me ya sa? Yara da kansu za su gano cewa wanda ya ajiye fari kusa da mafi duhu shi ne nasa ya fi fitowa, wanda ya jera matakai masu kama da juna kuwa nasa ya yi laushi, kuma kowanne yana da wurin da yake da amfani. Wajen ba da maki ma abin da aka rubuta a manufa shi za a bi: matakai biyar sun rarrabu, ado ya maimaitu, an yi amfani da uku. Tsabtar layi ba ta ciki, domin burushin aswaki ba ya ba da siririn layi ko a hannun gwani.

Inda jadawali bai ba da darasi biyu a haɗe ba, sai minti 35 kawai, kada a matse komai a ciki. A yi kallo da haɗi da tsani a mako na farko, a rubuta lambar rukuni a jikin robobi, a bar fentin ya bushe a cikinsu, a yi ado da tattaunawa a mako na biyu. Tsanin da kowane yaro ya yi a ajiye masa shi da sunansa a baya, don shi zai ɗora a gabansa yana zaɓen matakan da zai yi ado da su.